Saura mako shida oditoci su iso: ta ina ake fara haɗa fayilolin hujja?

Sabuwar_Akanta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarar lissafinmu ta rufe ranar 31 ga Disamba, kuma oditocin waje za su shigo nan da mako shida. Sun riga sun aiko da jerin abubuwan da suke so a tanada, guda 64. Mu huɗu ne a sashen kuɗi, sai mai sito da mai kula da ma'aikata. Takardun dai suna nan, amma a warwatse: baucoci a kabad, wasu inbois a imel, kwantiragi a ofishin manaja, takardun karɓar kaya a sito. Shin mu fara da sikanin ɗin komai ne, ko mu bi jerin nasu ɗaya bayan ɗaya? Kuma yaya ake raba aikin don kada ranar da suka zo kowa ya riƙa cewa "ba a wurina yake ba"?

Dan_Lissafi88: Wa alaikumus salam. Ku yi sikanin ɗin komai kawai, ku zuba a folda ɗaya. Duk abin da suka tambaya sai a bincika a kwamfuta. An gama.

Baba_Odita: Dan_Lissafi, ka yi gaggawa. Takarda dubu uku a folda ɗaya, kowacce da suna irin wanda na'urar sikanin ke ba ta, tarin kabad ne aka mayar cikin kwamfuta. Ba a rage komai ba.

'Yata Sabuwar_Akanta, jerin nan na 64 shi ne ƙashin bayan aikin, daga shi za ki fara. Ki mayar da shi jadawali a Excel, kowace buƙata layi ɗaya, kuma ki bar mata lambar da su suka ba ta, kada ki sake lamba. A gaban kowane layi ki sa sunan mutum ɗaya da zai kawo, ranar da zai kawo, wanda zai duba kafin a miƙa, inda aka ajiye, da ranar da aka miƙa. Na ce mutum ɗaya, ba sashe ba. Idan kika rubuta "sashen kuɗi", babu wanda aka ɗora wa. Mai kawowa kuma daban, mai dubawa daban, ko da kuwa ku huɗun ne za ku riƙa musaya.

Bayan haka ki raba 64 ɗin gida biyu. Akwai waɗanda za ku iya gamawa tun yanzu, kamar tirayal balans, daidaiton lissafin banki na kowane asusu, rajistar kadarori, jerin masu bin ku bashi da waɗanda kuke bi, da bayanan tarukan hukumar gudanarwa. Akwai kuma waɗanda ba za ku san su ba sai oditan ya zaɓi samfur daga lejarku, ya ce ku kawo hujjar wannan biyan da wancan. Kashin farko gamawa ake yi. Kashi na biyu shiri ake yi masa, wato a tabbata ko wace bauca ya taɓa za a iya fito da duk takardunta cikin minti goma. Yawancin wahalar odit a kashi na biyun take.

Sabuwar_Akanta: Na gode Baba. To yaya za mu san mun shirya wa kashi na biyun, tunda ba mu san abin da za su zaɓa ba?

Baba_Odita: Ku gwada kanku kafin su gwada ku. A wannan makon ki buɗe lejar kashe kuɗi, ki zaɓi biya 20. Ki ɗauki manya guda biyar, biyar daga makon ƙarshe na Disamba da makon farko na Janairu, sauran goman kuma ki bar wanda ba ɗan sashen ba ya nuna da yatsa. Ki ba wani abokin aiki, ba wanda ya shigar da su ba, ki duba agogo. Ki rubuta minti nawa kowacce ta ɗauka da kuma takardar da ta rasa. Idan 20 ɗin suka nuna cewa takardar karɓar kaya ce ke yawan ɓacewa, kin san inda za ki kashe makonni biyar da suka rage. Ba sai kin sha wahalar tsara abin da yake lafiya lau ba.

Hajiya_Leja: Bari in ɗora a kan maganar Baba da misali, domin "duk takardunta" ya fi yadda ake zato faɗi.

A ɗauka bauca mai lamba 0412 ce, an biya 60,000 ranar 20 ga Janairu. Kaya ne guda 120, kowanne 500. Odita na son ya bi sawun kuɗin daga farko: takardar da sashe ya nemi kayan, takardar odar da aka ba ɗan kwangila, takardar karɓar kaya daga sito, inbois, baucar da aka sa wa hannu, sai layin sitatimen na banki da ke nuna kuɗin sun fita zuwa asusun wannan ɗan kwangilar. Shida ke nan, kuma a jere haka ake haɗa su.

To, ga inda gizo ke saƙar. Oda ta ce 120. Inbois mai kwanan wata 6 ga Janairu ta ce 120. Amma takardar karɓar kaya ta ranar 28 ga Disamba ta ce 112. Idan aka miƙa fayil ɗin haka, abin da oditan zai gani shi ne an biya kuɗin kaya 8 da ba su shigo ba, wato 4,000. Alhali ragowar 8 ɗin sun iso ranar 9 ga Janairu, kuma mai sito ya rubuta musu wata takarda ta biyu, tana can cikin littafinsa na sabuwar shekara, ba wanda ya kawo ta sashen kuɗi. Kun ga ba kuɗi ne suka ɓata ba, takarda ɗaya ce ba ta sadu da 'yan uwanta ba. Amma sai an yi kwana biyu ana kai-komo kafin a gano.

Kuma ba a gama ba. Tunda 112 sun shiga sito kafin 31 ga Disamba, kuɗinsu 56,000 bashi ne a kanku a lissafin shekarar da ta rufe, ko da inbois ba ta zo ba sai Janairu. Ragowar 4,000 na sabuwar shekara ne. Idan akawu ya jira inbois kafin ya shigar, to kayan suna cikin ƙidayar sito ta ƙarshen shekara amma bashinsu ba ya cikin leja. Abin da ya sa oditoci ke nacewa a kan biyan da aka yi a Janairu da Fabrairu ke nan, suna neman bashin da ba a rubuta ba. Don haka fayil ɗin 0412 yana buƙatar takardun karɓar kaya guda biyu, da kuma jonal ɗin da aka shigar da 56,000 a Disamba.

Abu na ƙarshe, ki dubi hannun da ke kan baucar. In dokar cikin gidanku ta ce manaja ba ya wuce 50,000, wannan biyan na buƙatar hannun na sama da shi. Ki ajiye takardar da ta fayyace iyakar kowa a folda ta dindindin, domin tabbas za a tambaye ta.

MaiSito_Na_Gaskiya: Hajiya, Allah ya saka. Amma a yi wa masu sito adalci. Littafin karɓar kaya mai kwafi uku ne a yawancin wurare: ɗaya ga direban da ya kawo, ɗaya ga sashen kuɗi, ɗaya ya zauna a littafi. Na sashen kuɗin ne ke salwanta a hanya, saboda ba a sa hannu cewa an karɓa. A buɗe ɗan littafin miƙa takardu, duk Juma'a a kai, akawu ya sa hannu a gaban lambobin. Sannan a duba lambobin a jere. In aka ga 231, 232, sai 234, a tambayi 233 nan take. Idan sokewa aka yi, a bar duk kwafin ukun cikin littafin, a ja layi a rubuta an soke. Kada a yage. Shafin da aka yage ya fi kuskuren da ke cikinsa tayar da hankalin odita.

Uwar_Fayil: Gano giɓin lamba ba sai da ido ba. A jera lambobin baucoci ko na takardun sito a shafin A daga ƙarami zuwa babba, a sa wannan a B3 a ja shi ƙasa:

```
=A3-A2
```

Duk inda ya ba da 1, lafiya. Inda ya wuce 1 akwai lambar da ta tsallake, inda ya ba da 0 an maimaita lamba. Ga lambobin inbois kuma, saboda gano biya sau biyu, a jera su a shafin C, a sa wannan a D2 a ja shi ƙasa:

```
=COUNTIF(C:C,C2)>1
```

Sai dai a kula, 'yan kwangila biyu na iya samun lambar inbois iri ɗaya, don haka a haɗa da sunan ɗan kwangilar kafin a ɗaga murya.

Game da sunan fayil, a fara da lambar buƙatar oditan, sai kwanan wata da shekara a gaba don su jeru da kansu:

```
B17_PV0412_1-oda.pdf
B17_PV0412_2-karbar-kaya-28Dis.pdf
B03_banki_12-31_v2.xlsx
```

Wanda ya taɓa ganin fayil mai suna "na ƙarshe", da wani "na ƙarshe sosai" a gefensa, ya san dalilin sa lambar juyi.

Dan_Lissafi88: Uwar_Fayil, kin ce shekara a gaba amma misalinki ba shekara. Kuma ni har yanzu ban ga laifin sikanin ɗin komai ba, in an sa suna mai kyau.

Uwar_Fayil: Ka kama ni. A na bankin sai a sa shekarar kafin 12-31. Na baucar kuwa lambar bauca ta wadatar. Batun sikanin, lissafa ka gani: in bauca 2,000 ce, kowacce shafi shida, shafi 12,000 ke nan, kuma oditan ba zai taɓa ko kashi ɗaya cikin goma ba. Mutum huɗu a mako shida, ga aikin yau da kullum. A jera na takarda bisa lambar bauca a cikin manyan fayiloli, a rubuta a ƙeyar kowanne "0401 zuwa 0500", a yi sikanin ɗin abin da aka zaɓa kawai. Sabuwar shekara in an ga dama a fara sikanin tun ranar biya.

Inganci_Farko: Abu mafi muhimmanci da ba ku ambata ba shi ne sarrafa takardu. Sashe na 7.5 na ISO 9001:2015 ya buƙaci a san juyin da ake aiki da shi na kowace takardar tsarin aiki, a kuma cire tsofaffin daga hannun ma'aikata. Ku fara da bayanan odit ɗin cikin gida da na taron bitar shugabanni, da shaidar cewa an rufe kurakuran bara. Da su odita ke farawa.

Hajiya_Leja: Malam Inganci, naka oditan na takardar shaidar inganci ne, nata kuwa na lissafin kuɗi ne, ta ambaci ƙarshen shekara da baucoci. Amma maganarka ta ƙarshe ta shafe ta. Wasiƙar da oditocin bara suka rubuto wa shugabanni kan raunin da suka gani, a ciro ta yau. Kowane batu a rubuta abin da aka yi a kansa, a liƙa hujja. In ba a yi komai ba, a rubuta hakan da dalili. Ba abin da ke ɓata farkon odit kamar a tambayi shawarwarin bara a ga ana kallon juna.

Inganci_Farko: To madalla, na karanta da sauri. Amma batun juyin takarda yana nan daram ko a wane odit.

Kashiya_01: Ina da tambaya da ta fi kusa da ƙasa. In gwajin 20 ɗin nan ya nuna wasu baucoci ba hannun manaja, ba sai a kai masa ya sa yanzu ba? Ai ya san da biyan, mantuwa ce kawai. Haka in rasit ya ɓata, ɗan kwangila zai iya rubuto wani da kwanan watan baya.

Baba_Odita: Kashiya, a nan ne nake son kowa ya tsaya. Kada a yi. Hannun da aka sa yau da kwanan watan Agusta ƙirƙirar hujja ce, ko da biyan halas ne. Rashin sa hannu rauni ne a tsarin aiki, za a rubuta shi a wasiƙar shugabanni, a wuce. Amma ranar da odita ya gane an gyara takarda bayan lokaci, tambayarsa ta tashi daga wannan baucar ta koma kan duk abin da kuka ba shi. Zai faɗaɗa samfur, zai daina yarda da bayanin baki, kuma batun na iya kaiwa gaban hukumar gudanarwa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Gane shi ma ba wuya. Baucoci goma na watanni daban-daban da biro ɗaya da ƙarfin hannu ɗaya. Rasit mai kwanan watan Maris amma lambarsa ta fi ta rasit ɗin Nuwamba girma, saboda daga littafin yanzu aka yanko shi. Fayil ɗin PDF da bayanansa na ciki ke nuna jiya aka ƙirƙire shi. Sa hannu a ranar da rajistar hutu ta nuna manajan ba ya nan.

Abin da ake yi shi ne wannan. In hannu ne babu, manaja ya rubuta gajeren bayani mai kwanan watan yau: ya duba bauca lamba kaza, biyan daidai ne, ba a sa hannu a lokacin ba. In akwai imel ko saƙon da ya amince tun a wancan lokacin, a buga a haɗa, wannan hujja ce ta gaske domin ta zamanin abin ce. In rasit ko inbois ne ya ɓata, a nemi kwafi daga ɗan kwangila, a rubuta a jikinsa cewa kwafi ne da ranar da aka karɓa, a haɗa da sitatimen ɗin asusunku na wajensa da layin banki. Sannan ku faɗa wa oditan da bakinku kafin ya gano.

Kashiya_01: To in an faɗa masa, ba mun tona wa kanmu asiri ba? Wataƙila ma ba zai zaɓi wannan baucar ba.

Malam_Tantance: Wannan tambayar ba ta da amsa ɗaya, kuma ni ban tafi gaba ɗaya tare da Baba ba. Ba wajibi ba ne a tare odita a bakin ƙofa da jerin duk baucar da ta rasa hannu. Abin da ba a yi shi ne ɓoyewa in an tambaya, ko gyarawa a ɓoye. Amma in abin ya shafi adadin da ke cikin lissafi, kamar 56,000 ɗin Hajiya da ba a shigar ba, a gyara leja kafin a miƙa tirayal balans, in kuma an riga an miƙa, a sanar da shi. Shugabanni za su sa hannu a ƙarshe kan wasiƙar da ke cewa sun ba da duk bayanin da ya dace kuma an shigar da duk harkokin kuɗi, wadda ƙa'idar odit ta ƙasa da ƙasa, ISA 580, ta tanada. Mai sa wannan hannun ya kamata ya san abin da gwajin 20 ɗin ya tono.

Kashiya, ga abin da ke faruwa in ya zaɓi baucar kuma babu hujja. A ƙa'idar samfur, ISA 530, in odita ya kasa gwada abin da ya zaɓa kuma ba wata hanyar da za ta maye gurbi, zai ƙirga shi a matsayin kuskure. Ba zai ce ku kawo wata bauca a madadinta ba. Kuma kuskuren da ke cikin samfur ba ya tsayawa a kan adadinsa, ana auna shi a kan dukan tarin da aka ciro samfurin. Shi ya sa neman hujjar madadi tun yanzu ya fi jira.

Baba_Odita: Malam Tantance, na yarda ba sai an kai jeri ba in guda biyu ne. In kuwa rabin 20 ɗin ne ba hannu, wannan ba mantuwa ba ce, tsari ne ya karye, kuma gara ya ji daga gare ku a taron farko.

Malam_Tantance: A kan rabin, ba musu. Tsakanin biyu da rabi ne muke da saɓani.

Akawun_Albashi: Kun zauna a kan sayayya kun manta albashi. Oditan zai ɗauki sunaye daga takardar albashi ya nemi fayil ɗin kowa: takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin albashi ta ƙarshe, da lambar asusun da ake tura kuɗin. Zai kuma nemi jerin waɗanda suka shigo da waɗanda suka bar aiki a shekarar, ya duba ko an ci gaba da biyan wani bayan ya tafi. Mai kula da ma'aikata ya fitar da nasa jerin daga nasa fayilolin, ba daga takardar albashin ba, in ba haka ba abu ɗaya ake kwatantawa da kansa. Waɗannan takardun kuma kada a zuba su a foldar da kowa ke shiga. Folda daban, mutum biyu kawai.

Sabuwar_Akanta: Duk ina rubutawa. Wata tambayar: manajanmu ya ce mu rubuta wa banki mu karɓo takardar tabbacin ragowar asusu mu ajiye musu, don a rage lokaci. Daidai ne?

Hajiya_Leja: A'a, ba za su karɓa a matsayin tabbaci ba. ISA 505 ta ce oditan ne ke riƙe da ragamar wasiƙar tabbaci, shi ke aikawa, kuma amsa ta dawo masa kai tsaye ba ta hannunku ba. Naku shi ne masu sa hannu a asusun su sa hannu kan izinin da banki zai amsa masa, ku kuma ba shi cikakken jerin asusu, har da wanda aka rufe cikin shekarar da wanda ba komai a ciki. Wannan shi ya kamata ya fita a makon nan, domin amsar banki da ta 'yan kwangila ba a hannunku take ba, kuma ita ce ke yawan jinkirta rufe odit.

Dalilin yana cikin yadda suke auna hujja. Wadda ta fito daga waje ta fi ta cikin gida ƙarfi, wadda oditan ya samo da kansa ta fi wadda aka miƙa masa, rubutacciya ta fi ta baki, ta asali kuma ta fi kwafi. In kin riƙe wannan, za ki san me za ki sa a sama cikin kowane fayil. Wannan ma wani dalili ne, Dan_Lissafi, da ya sa ba a zubar da na takarda bayan sikanin.

Dan_Lissafi88: Ai ba a zubarwa sai bayan shekara biyar, haka ƙa'idar odit ta ce.

Malam_Tantance: Shekara biyar ɗin da ka ji ta fayil ɗin aikin oditan ce, ba ta takardunku ba. Naku, dokar kamfanoni da ta haraji ta ƙasar da kuke ce ke yankewa, in kuma kuɗin tallafi ne, yarjejeniyar mai ba da tallafin na iya neman fiye da haka. A ɗauki mafi tsawo.

Uwar_Fayil: Mu dawo kan foldar. Abu ɗaya da ke lalata aikin da aka yi da kyau shi ne a ci gaba da shigar da jonal a tsohuwar shekara bayan an miƙa tirayal balans. Jadawalin kadarori ya yi daidai da leja ranar Litinin, ranar Alhamis wani ya shigar da gyara, sai oditan ya ga bambanci, ya ɗauka jadawalin ne ba daidai ba. Ranar da aka miƙa, a kulle shekarar a manhaja. Duk gyaran da ya taso daga baya a rubuta shi a jeri ɗaya mai lamba, da dalili da hujja, a shigar da su tare bayan an amince da oditan.

Kowane jadawali kuma a ƙarshensa a sa layi uku: jimillar jadawalin, adadin da ke tirayal balans, da bambanci. In bambancin ba sifili ba ne, kada ya bar teburin mai dubawa. Rahoton da aka fitar daga manhaja a bar shi yadda ya fito, da kwanan watan da aka zaɓa da lokacin fitarwa a jikinsa. Idan aka kwafe shi zuwa sabon shafi aka yi masa kwalliya, za a tambaye ku shaidar cewa ba a cire layi ba, sai a sake fitarwa a gabansu.

Dan_Lissafi88: Shi ya sa a ba su damar kallo kawai a cikin manhajar, su ciro abin da suke so da kansu.

Baba_Odita: Wannan kam ka yi daidai, in manhajar na da wannan matakin. A buɗe musu suna nasu, a rufe ranar da suka gama. Kada a ara musu sunan wani ma'aikaci.

Akawun_Albashi: Ni ina da ja. Damar kallo a wasu manhajojin na buɗe har albashi da bayanan ma'aikata. A gwada da sunan kafin a ba su.

Malam_Tantance: Saura shirya mutanen, wanda shi ne rabin tambayarta. A naɗa mutum ɗaya a matsayin ƙofa. Duk sabuwar buƙata ta bi ta hannunsa, ya ba ta lamba ta gaba, 65, 66, haka. Oditoci za su yi magana da kowa, kuma haƙƙinsu ne, ba a hana su. Amma in aka nemi takarda a baranda, wanda aka nema ya zo ya sa a jadawali, in ba haka ba za a wayi gari an miƙa juyi biyu na abu ɗaya ta hannu biyu. Takardar asali da ta shiga ɗakinsu a rubuta lambarta, a soke in ta dawo.

Kafin su zo a zauna awa ɗaya, kowa ya bayyana aikinsa da bakinsa yana nuna takarda: inbois in ta zo wa ke karɓa, wa ke kwatanta ta da oda, wa ke tura kuɗi. Za su ɗauki biya ɗaya su bi shi tebur zuwa tebur suna tambayar haka. A faɗi abin da ake yi a zahiri, ba abin da littafin tsarin aiki ya ce ba, domin za su gwada abin da aka faɗa. Wanda bai san amsa ba ya ce zai duba ya dawo, kuma ya dawo a ranar. Kintace shi ke jawo tambayoyi goma. Kullum da safe kuma minti goma a tsaye a gaban jadawalin: me aka miƙa jiya, me ya makara, a hannun wa.

MaiSito_Na_Gaskiya: 'Yar uwa, ba ki ce komai kan ƙidayar sito ba. Oditocin sun halarci ta ƙarshen shekara? In sun halarta, ki nemo ainihin takardun ƙidayar masu rubutun hannu da sa hannun masu ƙirga, ba wanda aka buga daga baya ba, da lambar takardar karɓar kaya ta ƙarshe da ta fitarwa ta ƙarshe kafin a fara ƙirga. In ba su halarta ba, za su ƙirga in sun zo su koma baya zuwa 31 ga Disamba, kuma a lokacin kowace shiga da fita ta tsakanin sai ta fito da takardarta.

Sabuwar_Akanta: Ba su halarta ba, sai a Janairu aka naɗa su. Takardun ƙidayar namu suna nan da hannun mutum biyu. Na zaɓi 20 ɗin jiya da yamma: 14 sun fito cikin minti goma, huɗu ba takardar karɓar kaya, ɗaya ba hannu, ɗaya kuma an biya a kan kwafin inbois. Izinin banki zai fita gobe. Malam MaiSito, komawa bayan nan, mu za mu shirya jadawalinsa ko su?

MaiSito_Na_Gaskiya: Ku za ku shirya, su gwada. Ga kowane kaya: abin da aka ƙirga ranar da suka zo, a ƙara abin da ya fita tun 1 ga Janairu, a cire abin da ya shigo, ya kamata ya faɗo kan adadin 31 ga Disamba. Ku fara da kaya masu tsada. Huɗun nan da ba takardar karɓar kaya, ki ba mai sitonku lambobin odarsu ya duba kwafin da ya zauna a littafi tukuna.

Hajiya_Leja: Wanda aka biya a kan kwafin inbois ɗin ya fi damuna da sauran biyar. Ki sa lambarsa a COUNTIF ɗin Uwar_Fayil yau, ki duba har watanni uku gaba da baya, domin wani lokaci ta asalin ta zo daga baya an sake biya.